Aiki Mai Wa'adi, Shiri da Aikin Yau da Kullum: Yadda Ake Bambance Su

A ilimin gudanarwa ana raba ayyukan kowace ma'aikata ko kamfani gida uku: aiki mai wa'adi, shiri, da aikin yau da kullum. Ɗalibin shekarar farko yakan ɗauka girma ne ya raba su, wato ƙarami, matsakaici da babba, amma ba a nan bambancin yake ba. Abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu yake ƙarewa, da kuma ma'aunin da ake gane nasararsa da shi. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna ya isa misali, domin duka ukun sun haɗu a kansa.

Aiki mai wa'adi shi ne wanda yake da ranar farawa da ranar gamawa, aka ware masa kuɗinsa, kuma ake son ya samar da wani abu takamaimai da babu shi a da. Shimfiɗa layin dogo daga Idu da ke Abuja zuwa Rigasa da ke Kaduna irin wannan aiki ne. Tsawonsa kilomita 186, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi kwangilar, an fara a 2011, aka buɗe shi a watan Yulin 2016. Daga ranar da aka miƙa layin, aikin ya ƙare. Injiniyoyi da masu awon ƙasa da leburori suka watse, aka kwashe katafiloli zuwa wani wuri. Watsewar nan ba alamar matsala ba ce, da ma an tara su ne don su gama su tafi.

Manajan irin wannan aiki da abubuwa uku yake kwana yake tashi: iyakar abin da aka ce a yi, lokacin da aka ɗiba, da kuɗin da aka ware. Ukun nan a ɗaure suke da juna. Idan aka zo tsakiyar aiki aka ce a ƙara tasha guda da ba ta cikin zane, to ko dai wa'adi ya ƙaru, ko kuɗi su ƙaru, ko a rage ingancin wani sashe a ɓoye, wanda shi ne mafi muni. Saboda haka manajan da ya san aikinsa ba ya karɓar ƙari da baki. Sai an rubuta, an lissafa abin da zai ci, wanda yake da ikon amincewa ya sa hannu. Tun da ba a taɓa shimfiɗa wannan layi a wannan ƙasa ba, rashin tabbas yana da yawa: a tarar da dutse inda aka zaci ƙasa ce mai laushi, ko rigimar biyan diyya ta tsayar da aiki, ko damina ta cinye watanni.

Washegarin buɗe layin, wani irin aiki daban ya fara. Sayar da tikiti, binciken fasinjoji, zuba mai, duba birki, share taragu, zagayen duba dogo, biyan albashi a ƙarshen wata: wannan shi ne aikin yau da kullum, kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce take riƙe da shi. Ba shi da ranar gamawa. Idan ya tsaya, to wani abu ne ya lalace. Ana auna shi da tambayoyi irin su ko jirgi ya tashi a kan lokaci, fasinja nawa aka ɗauka, nawa aka kashe kuma nawa aka samu, sau nawa inji ya mutu a hanya. A nan maimaici shi ne abin so. Direban da ya ce yau zai gwada sabuwar dabara da jirgi cike da mutane ba a yaba masa, alhali injiniyan gini kullum cikin neman dabarar warware sabuwar matsala yake.

Shiri kuwa shi ne wanda ya fi rikita ɗalibai. Tarin ayyuka ne masu wa'adi da suke da alaƙa da juna, ake tafiyar da su ƙarƙashin jagoranci ɗaya domin a samu wani amfani da ba zai samu ba idan kowanne ya kama gabansa. Layin Abuja zuwa Kaduna yanki ne na shirin sabunta dogo daga Legas zuwa Kano. An sa hannu a kwangilarsa a 2006, daga baya aka yanka shi sashe-sashe saboda nauyin kuɗin. Sashen Legas zuwa Ibadan an buɗe shi a 2021, a shekarar ce kuma aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano. Kowane sashe yana da kwangilarsa da wa'adinsa da manajansa.

Burin shirin ya wuce shimfiɗa ƙarfe. Abin da ake nema shi ne kaya su taso daga tashar ruwa ta Apapa su iso Kano a kan dogo ɗaya, a rage wa tituna nauyin tireloli. A nan ake ganin abin da ya raba shiri da aiki mai wa'adi ƙarara. Ana iya gama kowane sashe da aka fara cikin nasara, amma muddin ba a haɗa Ibadan da Abuja ba, kwantenar da ta taso daga Apapa ba za ta iso Kano ta sabon layi ba. Ba za ta iya sauka kan tsohon layin Turawan mulkin mallaka ta ci gaba a tarago ɗaya ba, domin faɗin tsohon milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435. Wato ayyukan sun yi nasara, amfanin shirin bai cika ba. Shi ya sa shugaban shiri ba ya zama yana ƙirga buhunan siminti. Aikinsa shi ne yanke shawarar wane sashe zai riga wane, ina za a karkatar da kuɗi idan sun yi kaɗan, da tabbatar da cewa faɗin dogo da tsarin sigina iri ɗaya ne a ko'ina. Yana ma iya dakatar da wani aiki da yake tafiya lafiya idan ya ga ba ya kai wa ga burin.

Ba kowane tarin ayyuka ne shiri ba. Ma'aikatar da take gina tasha a wannan gari, tana gyara ofis a wancan, ayyuka biyu kawai take yi. Sai idan amfanin ɗaya ya dogara da ɗayan ne ake kiransu shiri.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wurin miƙa aiki daga masu gini zuwa masu gudanarwa. Kasafin gwamnati da kansa ya raba kuɗin manyan ayyuka da kuɗin gudanarwa, kuma sau da yawa hankali yana kan na farkon, domin shi ake yi wa bikin buɗewa. Idan aka gama gini ba a horar da ma'aikata ba, ba a tanadi kayan gyara ba, ba a sa kuɗin mai da na kulawa a kasafin shekara ba, alamar takan bayyana cikin 'yan watanni: na'ura sabuwa fil a kulle saboda babu wanda ya iya ta, ko janareta ya mutu ana jiran ɗan kwangilar da ya riga ya tafi. Maganin abin shi ne a sa waɗanda za su riƙe aikin a zaman tsarawa tun farko, kuma a rubuta horarwa da takardun bayanin na'urori cikin sharuɗɗan karɓar aiki.

Akwai kuma aiki mai wa'adi da yake tasowa daga cikin aikin yau da kullum. A farkon 2021 an shigo da sayar da tikiti ta intanet a layin Abuja zuwa Kaduna. Tsara manhajar, gwada ta, kafa na'urori a tashoshi da horar da ma'aikata aiki ne mai wa'adi, domin yana da ƙarshe kuma ya sauya yadda ake abu. Sayar da tikiti ta wannan manhaja daga ranar da ta fara aiki ya koma aikin yau da kullum. Haka gyara yake: shafa wa ƙafafun tarago giris bisa jadawali aikin kullum ne, amma sake gina gadar da ambaliya ta karya yana buƙatar zane, kasafi na daban da ranar kammalawa, don haka sai a naɗa masa manaja a tafiyar da shi a matsayin aiki mai wa'adi.