Takardar Shugaban Sashe a Kan Jinkirin Miƙa Maki

Ran Litinin da ta wuce shugaban sashenmu ya aika wa kowane malami takarda. Ya tuna mana cewa mako biyu aka ba mu bayan gama jarrabawa mu miƙa maki, ga shi har an shiga mako na biyar waɗansu ba su kawo ba. Ya ce wanda bai kawo ba kafin Jumma'a za a ba shi takardar tuhuma, in amsarsa ba ta gamsar ba a kai maganarsa gaban kwamitin ladabtarwa. Na ji waɗansu suna gunaguni, wai abin bai kai a yi haka ba. To, da yake ni ne mai tara makin sashen, na ga ya kamata in bayyana wa jama'a dalilin wannan takarda.

Da farko sai mu san hanyar da maki yake bi. Malami yakan haɗa makin aikin aji, watau 40, da na jarrabawa, watau 60, su tashi 100. Sa'an nan ya miƙo mini tare da takardun amsa da jerin sunayen waɗanda suka zauna jarrabawar. Ni kuwa in haɗa na dukan kwasa-kwasai a babbar takarda guda, malaman sashe su zauna su duba. Daga nan sai kwamitin tsangaya, daga can sai majalisar ilmi ta kwaleji. Sai ta amince kana a kafe sakamako. Kowane zama da ranarsa. In sashe ya makara, ba a jiransa, sai zama na gaba.

Mai karatu zai ce, don me ba za a tura abin da ya samu ba, saura ya biyo baya? Ga amsa. Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda muke kira yunit, kowane daraja kuma da lambarsa: A biyar, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F ba kome. Akan ninka lambar da yunit, a tara duka, a raba da jimlar yunit. Abin da ya fito shi ne matsakaicin ɗalibi.

Bari mu ɗauki misali. Ɗalibi ya ɗauki kwas bakwai, shida masu yunit bibbiyu, ɗaya mai yunit uku, duka 15. A cikin shidan nan ya sami E biyar da D ɗaya, watau 10 da 4, sun zama 14. Makin kwas na bakwai yana can a aljihun teburin malami. In na bar kwas ɗin na raba 14 da 12, sai in sami 1.17, amma wannan lissafin ƙarya ne, domin ba haka yaron ya yi rajista ba. In na sa masa F, sai 14 a raba da 15, ya zama 0.93. Ƙasa da 1.00 kuwa shi ke kai ɗalibi ga zaman gargaɗi, in ya ɗore haka har ƙarshen shekara. Alhali kuwa wataƙila C ya samu, watau 9 a kan 14, su zama 23, a raba da 15, ya tashi 1.53. Kun gani, maki ɗaya tak ya raba tsakanin mai lafiya da mai jinya, ni kuwa ba ni da ikon in yi ka-cici-ka-cici da shi.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Wanda ya faɗi kwas dole ya sake rajistarsa in zangon kwas ɗin ya zagayo. In aka rufe rajista bai san ya faɗi ba, sai ya jira wata shekara. Ɗan ajin ƙarshe kuwa, abokansa sun karɓi shaidarsu sun tafi neman aiki, shi yana zarya ofis. Bugu da ƙari, takardun amsa in sun daɗe a gida sukan ɓace, ko ruwa ya taɓa su, ko mutane su fara zargin ana jiran na goro ne, ko da malamin mai gaskiya ne.

Na san akwai uzuri. Wani ajin ɗalibansa sun fi ɗari uku, malami ɗaya ne a kansu. Saboda haka ne takardar ta ce mai irin wannan nauyi, ko marar lafiya, ya rubuto tun kafin wa'adi ya cika, a ba shi mataimaki ko a ƙara masa kwanaki. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne shiru. Shawarata kuma ita ce, a miƙa makin aikin aji tun kafin a shiga jarrabawa, a kuma duba kowane suna da lambar rajistarsa kafin a sa hannu.

'Yan'uwa malamai, waɗannan yara gobe su ne masu riƙe da alli. Yadda suka ga mun yi da makinsu, haka za su yi da na 'ya'yanmu. Jumma'a dai ba nisa. Wassalam.