Shek ya ɓata, ko an rubuta shi da kure: yaushe banki ke yarda ya tsaida biya?

Ƙungiyoyin manoma da makiyaya da yawa suna da asusu a banki, kuma da shek suke biyan kuɗin taki, da iri, da abincin dabbobi. Shek, wanda wasu ke ce ma cek, takarda ce da mai asusu ke ba banki umurni da ita: ka ɗebi kaza cikin kuɗina ka ba wane. Takardar tana iya faɗuwa a hanya. Ana kuma iya yin kure wajen rubuta ta. Mutane suna tsammanin maganin biyun ɗaya ne, wato a ce ma banki kada ya biya. A wurin doka ba ɗaya ba ne. Ga misali da zai nuna bambancin.

Shek ɗin da ya faɗi a hanyar Ƙonni

A ce wata ƙungiyar manoman albasa ce a yankin Galmi, asusunta yana wani banki a Birnin Ƙonni. Ranar Litinin shugaba da ma'aji suka sa hannu a kan shek na jaka 450, wato tamma 450.000 na sefa, don biyan wani ɗan kasuwa kuɗin takin zamani. Ma'aji ya naɗe takardar, ya sa aljihu, ya shiga mota. Da ya sauka tasha da maraice ya laluba, babu shek. Banki kuwa ya riga ya rufe.

Ya kira shugaba ta salula, ya ce: “Alhaji, shek ɗin nan ya faɗi. Na duba aljihu, na duba cikin mota, ban gan shi ba.”

Shugaba ya ce: “Malam, sunan wa muka rubuta a kai?”

Ma'aji ya yi shiru. Ba su rubuta sunan kowa ba. Sun bar wurin fili, don ba su tabbatar da yadda ake rubuta sunan ɗan kasuwar ba. To, shek da ba shi da suna na wanda ya riƙe shi ne. Duk wanda ya tsince shi yana iya kai shi banki ya nemi a biya shi. Takardar nan ta zama kamar tsabar kuɗi da aka yar a tasha.

Shugaba ya buɗe littafin shek. Duk takardar da aka yage tana barin guntu a cikin littafin, kuma guntun yana ɗauke da lamba iri ɗaya da tata. Nan ya karanta ma ma'aji lambar shek ɗin, da ranar da aka rubuta shi, da yawan kuɗin. Ba don lambar nan ba, da sai ma'aikacin banki ya yi ta lalube, ko kuwa a tsaida takardu da yawa, har da waɗanda aka ba wasu mutane a kan gaskiya.

Abin da aka yi washegari

Da sassafe ma'aji ya tsaya ƙofar banki tun ba a buɗe ba. Da aka buɗe ya faɗa ma ma'aikaci abin da ya faru. Ma'aikaci ya fara duba ko an riga an biya. Wannan ita ce tambaya ta farko, domin tsaida shek ba ya maido da kuɗin da suka riga suka fita. Aka yi sa'a, ba wanda ya kawo shi tukuna.

Ma'aikaci ya ce: “Malam, na ji maganarka, na kuma sa alama a kan lambar. Amma baki kaɗai bai isa ba. Sai kun kawo a rubuce yau ɗin nan, tare da dalili.”

Haka doka ta ce. Wanda ya nemi a tsaida shek da baki ko ta tarho, dole ne ya tabbatar da buƙatarsa a rubuce nan take, ya kuma faɗi dalilinsa. A banki ana kiran wannan buƙata da sunan opozisiyon. Shugaba ya iso da hantsi, suka rubuta wasiƙa gajera. A ciki suka sa sunan ƙungiya, da lambar asusu, da lambar shek, da ranar da aka rubuta shi, da jaka 450, da cewa ba a sa sunan kowa a kai ba, da dalili: ya ɓata ranar Litinin tsakanin Galmi da Ƙonni. Su biyun suka sa hannu, tun da hannunsu biyu banki ya sani a kan asusun.

Suka yi wasiƙar kashi biyu. Banki ya riƙe ɗaya, ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar ya ba su. Wannan takarda ita ce shaidarsu in har aka biya shek ɗin daga baya. Ma'aji ya kuma je kwaminsariya ya karɓo takardar shaidar ɓata, domin bankuna sukan nemi ganinta. A ƙauye wurin jandarmomi ake zuwa. Banki yakan cire ɗan lada a kan wannan aiki, ya kamata a tambayi nawa ne tun da farko.

Sai bayan haka suka rubuta ma ɗan kasuwa sabon shek. Wannan karon sun sa sunansa, sun kuma ja layi biyu a gicciye a fuskar takardar. Shek mai layi biyu ba a miƙa ma baƙo tsabar kuɗinsa a taga. Ta hannun banki yake bi, a san asusun da kuɗin suka shiga.

Da a hannun ɗan kasuwar ne shek ɗin ya ɓata, da akwai ƙarin mataki guda. Sai ya hanzarta sanar da ƙungiya ta tsaida shi. Kafin a ba shi wani, sai ya rubuta takarda ya sa hannu cewa ya saki shek na farko, kuma in ya gan shi zai maido. In ba haka ba, ƙungiya tana iya wayin gari da shek biyu a waje a kan bashi ɗaya.

Dalilai huɗu da doka ta yarda da su

Dokar shek ta Nijar ɗaya ce da ta sauran ƙasashen ƙungiyar UEMOA masu kuɗin sefa, su takwas. Ministocin ƙasashen ne suka tsaida ita a shekarar 2002. Ta ba wanda ya rubuta shek izinin hana biya a kan dalilai huɗu kawai. Na ɗaya, shek ya ɓata. Na biyu, an sace shi. Na uku, an yi zamba da shi, kamar a ƙara sifiri ko a sake suna. Na huɗu, wanda ke riƙe da shek ɗin ya karye, har maganar dukiyarsa ta shiga hannun kotu.

“Na yi kure” ba ya cikin huɗun nan. “Na sake shawara” ba ya ciki. “Kayan da aka saida mini ba su da kyau”, shi ma ba ya ciki.

Shek ɗin injin ban ruwa

A ce ƙungiyar nan ta sayi injin ban ruwa a kan jaka 180, ta ba da shek. Da aka kai injin garka, ya yi kwana biyu ya tsaya. Wani daga cikin ƴan ƙungiya ya ce: “Alhaji, a koma banki a ce wannan ma ya ɓata.”

Shugaba ya ce: “A'a, ƙanena. Wancan ya ɓata da gaske. Wannan da hannunmu muka ba mutumin, a gaban shaidu.”

Shugaba ya yi gaskiya. Banki ba alƙali ba ne tsakanin mai saye da mai saidawa. In aka yi ƙaryar ɓata, mai injin yana iya zuwa wurin alƙali, alƙali ya ba da umurni a ɗage hanin, banki ya biya. Bayan haka kuma, hana biyan shek ba bisa dalilin doka ba laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Haka ma wanda ya ruga ya kwashe kuɗin asusu don shek ya tarar da wayam: ya zama mai ba da shek marar kuɗi, ana iya karɓe littafinsa a hana shi rubuta shek. Rigimar inji ana yin ta ne da mai inji, a gyara, ko a musanya, ko a maido kuɗi, ko a je gaban hukuma.

In kure ne na rubutu

Kuɗin shek ana rubuta su sau biyu, da lambobi da kuma haruffa. In biyun suka saɓa, abin da aka rubuta da haruffa shi ne doka ke bi. Wanda ya sa 450.000 da lambobi amma ya rubuta dubu ɗari biyar da arba'in da haruffa, shek ɗinsa na jaka 540 ne. Jaka 90 ke nan a kan kure guda.

In takardar tana hannun mai rubutu, abin da sauƙi. Kada a kankare, kada a yi gyara a kai. A ja layi babba a soke ta, a ajiye ta tare da guntunta, a rubuta sabuwa. In ta riga ta shiga hannun wancan mutumin, sai a bi shi tun bai kai banki ba, a karɓo tsohuwar da hannu ɗaya, a ba shi sabuwar da ɗayan. In kuwa an riga an biya, rarar ta zama bashi a kansa. Shi za a bi, ba banki ba.

Akwai kuma masu rubuta kwanan wata na gaba, su ce shek ba zai ci ba sai bayan an saida albasa. Wannan ba ya kare kowa. Doka ta ce ana biyan shek ranar da aka kawo shi, ko da kwanan da ke kansa bai zo ba.

In shek ɗin da ya ɓata ya bayyana

Hanin da aka yi ba ya tashi da kansa don an ga takardar. In yaron mota ya tsinci shek ɗin jaka 450 ya maido, ƙungiya ta soke shi ta ajiye, tun da ta riga ta biya ɗan kasuwa da wani. Da ba a rubuta sabo ba, kuma ana son a yi aiki da tsohon, sai a koma banki da wata wasiƙa a ce a ɗage hanin.

Ma'ajin nan ya tsira da abu uku: guntun da ke ɗauke da lamba, sammakon da ya yi, da wasiƙa mai hatimi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Shek ma haka yake: wanda ya faɗi a hanya ana iya tsaida shi, amma wanda aka miƙa da hannu sai mai riƙe da shi ya yarda ya maido.