Saƙon Wanke Hannu: Aikin da Ƙananan Hotuna Ke Yi

Da damina ta kankama, lokacin da amai da gudawa ke yawan ɓulla, asibitin unguwa kan tura saƙon wanke hannu ta WhatsApp. Dogon rubutu a cunkushe ba ya samun mai karantawa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke fara kowane layi da ɗan hoton nan da ake kira imoji. Saƙon da aka tsara da kyau yakan yi kama da wannan:

💧 Jiƙa hannu da ruwa mai tsabta.
🧼 Shafa sabulu har ya yi kumfa.
⏱️ Cuɗa na daƙiƙa 20: tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.
🚰 Ɗauraye da ruwan da ke zuba.
👐 Goge da ƙyalle mai tsabta, ko a bari ya bushe.

Kowane layi umarni ɗaya ne da hoto ɗaya, kuma hoton a farko yake. Mai gaggawa zai gane matakai biyar ne tun kafin ya karanta, wanda bokonsa bai yi nisa ba kuma zai bi jerin da ido.

Layi na uku ya fi kowanne nauyi. Ƙwayoyin cuta suna maƙalewa ne a maiƙo da dattin fata. Sabulu da cuɗawa ke ɓamɓare su, ruwa ya tafi da su, don haka wanda ya ɗauraye nan take bai ba sabulun damar aiki ba. Agogon da ke bakin layin yana tuna masa ya dakata.

Sai dai hoto yana da iyaka. Imojin sabulu bai shiga wayoyi ba sai a 2018, saboda haka tsohuwar waya kan nuna akwati fanko a gurbinsa. Idan asibiti ya rubuta "wanke da 🧼" kawai, mai irin wannan waya ya rasa kalmar da saƙon ya dogara a kanta. Dole a rubuta "sabulu" da haruffa, sannan a gwada saƙon a wata tsohuwar waya kafin a yaɗa shi.

Hoton famfo ma yana iya ɓatar da mutum, domin gidaje da yawa da rijiya ko 'yan garuwa suka dogara. Ya kamata layin ya ƙara da cewa buta ta wadatar, wani ya zuba wa wani. Abin gudu shi ne kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki wajen biki ko suna, tun da na ƙarshe yana wankewa ne da dattin na farko.

Lokutan wankewa, wato bayan fitowa daga banɗaki, bayan yi wa yaro tsarki, da kafin girki ko cin abinci, gara a ware musu saƙo na biyu. Asibitoci da dama kan fitar da irinsa a ranar 15 ga Oktoba, Ranar Wanke Hannu ta Duniya, wadda aka fara a 2008.