Sanduna sun cika, bidiyo na tsayawa: laifin waifai ne ko na tsarin data?

A gidaje da shaguna da yawa da aka sa rauta, magana ɗaya ake ji idan bidiyo ya fara tsayawa: kamfani ya rage mana gudu, a sayi tsarin da ya fi wannan tsada. Wasu kuma su kalli saman wayarsu, su ga alamar waifai ta cika, su ce ai tunda sanduna sun cika, babu wani laifi daga cikin gida. Akwai gaskiya a cikin maganganun nan, amma da yawa daga cikinsu kuskure ne mai cin kuɗi. Mutum zai iya ƙara dubban nairori a kan abin da yake biya duk wata, ɗakin da yake kuka da shi kuma ya zauna yadda yake.

Kafin intanet ya iso wayarka, hanya biyu yake bi. Ta farko daga kamfani zuwa rautarka, ko ta kebul ɗin faiba, ko ta iska daga turken sabis idan rautar mai sim ce. Wannan hanyar ita kake biya wa kuɗi. Ta biyu daga rauta zuwa waya, wato waifai, kuma kamfani ba shi da iko da ita, domin bangon gidanka da ƙofofinka ne ke mulkinta. Wadda ta fi rauni a cikin biyun ita ke yanke gudun da za ka samu.

Daga nan za a ga inda maganar sanduna ta kauce. Sandunan waifai suna nuna ƙarfin da wayarka ke jin rauta ne kawai. Ka cire sim daga rautar, ko ka zare kebul ɗin kamfani, za ka ga sandunan suna nan a cike, ko da an ɗora musu wata 'yar alamar gargaɗi a gefe. Saboda haka cikar sanduna ba ta nufin intanet na gudu. Abin da ke gaskiya shi ne idan sanda ɗaya ta rage, akwai yiwuwar hanyar cikin gida ce ke wahala. Ko a nan ma sanduna ba ma'auni ba ne mai kyau, don kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Wayoyi biyu a kan tabarma ɗaya, wata ta nuna uku, wata huɗu.

Ma'aunin da ya fi shi ne gwajin gudu. Ana buɗe fast.com na kamfanin Netflix, ko manhajar Speedtest ta kamfanin Ookla, a jira lamba ta fito. Amma gwaji ɗaya a wuri ɗaya ba ya raba gardama, domin ya auna hanyoyin biyu ne a haɗe. Sai an yi shi a wurare daban-daban an kwatanta, kuma da sharaɗi. Waya ɗaya za a yi amfani da ita tun daga farko har ƙarshe, da manhaja ɗaya. A kashe datar layin wayar, don wasu wayoyin idan waifai ya yi rauni suna komawa kan data ba tare da sanarwa ba, su ba ka lambar ƙarya. Mai amfani da VPN ya kashe shi. Sannan a roƙi mutanen gida su ɗan dakata da kallo da sauke abubuwa na minti goma, a kashe talabijin idan a kan waifai yake. A kowane wuri a gwada sau uku a rubuta lambar tsakiya, kuma a gama zagayen a zama ɗaya, kada a auna falo da safe a auna ɗakin baya da dare.

Mu ɗauki misalin gida mai tsarin 20 Mbps, rauta na falo a kan teburin talabijin. Maigida ya tsaya taku biyu daga rautar, ba abin da ya shiga tsakani, ya samu 19. Ya fita tsakar gida ya samu 17. Ya shiga ɗakin uwargida, bayan bangon bulo biyu da ƙofar ƙarfe, lambar ta faɗo 6. A zaure kuma 2, wani lokaci ma gwajin ya ƙi ƙarewa. Wannan gida ba shi da ƙorafi a kan kamfani. Tunda an ga 19 a kusa da rauta, kamfani ya kawo kusan duk abin da ya yi alkawari, a hanyar cikin gida abin ke zubewa. Idan maigidan ya koma tsarin 50 Mbps, falo zai ga ƙari, amma ɗakin uwargida zai ci gaba da ba da 6 ko kusa da haka, don bangon bai san an ƙara kuɗi ba.

A gidan maƙwabci, mai irin wannan tsarin, sai a samu 5 a gaban rauta, 5 a tsakar gida, 5 a ɗaki, 4 a zaure. Lambobin sun yi ƙasa, kuma ba sa motsi duk inda aka je. Wannan alama ce cewa cikas ɗin yana can gaban rauta, kuma sayen sabuwar rauta ko sauya mata ɗaki da wuya ya amfana, sai dai a wani yanayi guda da zan zo kansa. Sai a lura da wani abu: waifai na gidan nan ma zai iya kasancewa yana raguwa a ɗakin baya, amma ba a gani, tunda ko da raguwar yana iya ɗaukar 5 ɗin da ke shigowa. Ranar da aka gyara hanyar waje, sai raunin na ciki ya bayyana. Ana samun gida mai ciwo biyu.

Ko da an ga lambobi a kwance a ƙasa haka, kada a yi saurin yanke wa kamfani hukunci. A duba jerin na'urorin da ke kan rautar, wataƙila akwai kwamfutar da ke sabunta kanta, ko yaran unguwa sun samu lambar sirri. A gwada da wata wayar, don tsohuwar waya na iya zama ita ce ta gaza. Idan akwai kwamfuta mai gurbin kebul, a jona ta da rauta kai tsaye a gwada. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne ƙarfin hujja, domin ya fitar da waifai daga lissafi gaba ɗaya. Idan kebul ya ba da 19 waifai ya ba da 5 a ɗaki guda, laifin na waifai ne. Idan shi ma 5 ya bayar, a kira kamfani.

To maganar cewa kamfanoni na rage gudu fa? A nan masu faɗa suna da gaskiya, a wasu lokuta. Tsare-tsare da dama da ake tallata su da sunan marasa iyaka suna da sharaɗin cewa idan ka ci wani adadi na data a wata, za a sauke maka gudu har sai wata ya ƙare. A rubuce yake cikin ƙa'idojin tsarin, sai dai kaɗan ne ke karantawa. Alamarsa ita ce lamba ta tsaya cak a wuri ɗaya, safe da dare, kamar an ɗaure ta. Cunkoso daban yake: da asuba ka samu 18, bayan sallar isha'i, lokacin da unguwa duka ta zauna kallo, ka samu 4 a wuri guda da waya guda. Bango ba ya ƙara kauri da dare, don haka irin wannan hawa da sauka daga turken sabis ne ko layin kamfani, ko da yake a gidan haya mai rautoci da yawa su ma suna iya takura wa juna a irin wannan lokacin. Gwajin kebul zai raba su.

Akwai kuma masu cewa an cuce su don sun biya 20 amma idan suna sauke fim 2.5 suke gani. Ba cuta a nan. Kamfani na ƙirga da Mbps, manhajar sauke kaya kuma galibi da MB/s, kuma takwas na farkon ne ke yin ɗaya na biyun. Ka raba 20 gida 8, ka samu 2.5. Wanda ya ga haka ya samu haƙƙinsa cif.

Gwajin gudu yana cin data, kuma ya kamata mai tsari ƙayyadadde ya san haka. Sakan 10 na saukewa a kan 20 Mbps ya cinye 25 MB, ban da na turawa. Wanda ba ya son wannan asara yana da wata hanyar da ba ta taɓa data. A kwamfuta mai Windows a buɗe Command Prompt a rubuta wannan, da adireshin da ke rubuce a ƙarƙashin rautar idan ya bambanta:

```
ping -n 30 192.168.1.1
```

Saƙon zuwa rauta kawai yake yi ya dawo, bai fita gida ba. A waifai mai lafiya amsoshin sukan zo ƙasa da 10ms ko kusa da haka. Idan a ɗakin baya suna tsalle zuwa ɗaruruwa, ko ana ganin Request timed out, to hanyar cikin gida ce, babu ruwan kamfani.

Wani ruɗanin da na ga yana sa mutane kuskure shi ne sunan waifai mai 5G a ƙarshe. Rautoci da yawa suna fitar da suna biyu, ɗaya na zangon 2.4 GHz, ɗaya na 5 GHz, kuma na biyun ba shi da alaƙa da sabis ɗin 5G na kamfanonin waya. Gaskiya ne ya fi gudu a kusa, amma ya fi saurin mutuwa a bango. A ɗakin uwargida na misalinmu, a gwada duka biyun, sau da yawa na 2.4 GHz ne zai fi.

Yanayin da na ce zan dawo kansa shi ne na rauta mai sim, wadda ta cika gidajenmu. Ita hanyoyinta biyu duk ta iska ne, don haka inda aka ajiye ta yana shafar har da hanyar waje. Idan an ga lambobi a ƙasa ko'ina, a duba fitilun sabis da ke jikinta, a ɗauke ta a kai bakin taga, a sake gwadawa ana tsaye kusa da ita. Idan 5 ta koma 15, tsarin ba shi da laifi, rautar ce ba ta jin turke daga inda take. Matsalar ita ce tagar da ta fi kama sabis ba lallai ta zama a tsakiyar gida ba. A nan sai a bar rautar a tagar, a ja kebul zuwa rauta ta biyu a ɓangaren da ke nesa.

Maigidan farko kuwa aikinsa ya fi sauƙi. Ya ɗauke rautar daga kan teburin talabijin, ya ɗora ta a sama, a fili, kusa da ƙofar da ke kallon tsakar gida, ya maimaita gwajin a wuraren nan huɗu. Idan ɗakin uwargida ya tashi daga 6 zuwa 12 ko sama, ya gama bai kashe ko kwabo ba, don kusan 5 Mbps ya ishi bidiyo ɗaya mai tsabta. Idan zai sayi na'urar ƙara zango domin zaure, kada ya kai ta zauren, tunda can abin da za ta samu ta maimaita 2 ne kawai. Ya sa ta a tsakar gida inda gwaji ya nuna 17, kuma ya sa rai da kusan rabin haka a zaure, domin irin mai araha da rediyo ɗaya take karɓa take turawa.