Bidiyo ba murya: yadda ake zaɓar girman hoto da haɗa shi da sauti a yt-dlp

Ƙorafi biyu ne suka fi yawa a bakin waɗanda suka fara amfani da yt-dlp. Wani zai ce ya sauke bidiyo, hoto tangaran, amma shiru kake ji, ko tari babu. Wani kuma zai ce bidiyon da ya kalla garau a YouTube ya sauko masa dishi-dishi. Duka biyun tushensu ɗaya ne, kuma wanda ya gane tushen ya huta da asarar data.

Shi yt-dlp manhaja ce ta kyauta da ake ba wa umarni a rubuce, babu maɓallan latsawa. Reshe ne da ya tsiro daga wata tsohuwar manhaja mai suna youtube-dl, ya fara fitowa a 2021, kuma yana sauke bidiyo daga ɗaruruwan shafuka. Yana aiki a kwamfuta, yana kuma aiki a wayar Andiroyid ta cikin Termux. Misalan da za su biyo baya na YouTube ne, kuma maganar ta shafi bidiyon da mutum yake da haƙƙin saukewa: nasa na kansa, ko wanda mai shi ya yarje.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, YouTube ba ya ajiye bidiyo a matsayin fayil guda. Yana ajiye hoton daban, a girma iri-iri, daga 144p har abin da ya yi sama, sannan ya ajiye sautin daban. Lokacin da kake kallo, wayarka tana janyo su biyun ne a tare tana daidaita su. Shi ya sa idan sabis ya yi rauni sai ka ga hoto ya dushe amma murya ba ta katse ba, domin hoton kaɗai aka musanya da ƙarami. Wannan tsari yana yi wa mai kallo amfani sosai. Mai saukewa kuwa, ya bar masa aikin haɗa abu biyu.

Matakin farko ko da yaushe shi ne a tambayi yt-dlp abin da ke akwai, kafin a sauke komai. Inda aka rubuta URL, nan ake sa adireshin bidiyon:

```
yt-dlp -F "URL"
```

Zai fito da jadawali mai layuka da yawa. Kowane layi yana da lambarsa a ƙarƙashin `ID`, da girman hoto a ƙarƙashin `RESOLUTION`, da nauyin fayil a ƙarƙashin `FILESIZE`. Abin da ya kamata ido ya nema shi ne kalmomin `video only`, wato hoto zalla, da `audio only`, wato sauti zalla. A YouTube kusan duk layukan haka suke. Lamba 137 hoto ne zalla mai girman 1080p, 136 na 720p, 135 na 480p. Lamba 140 sauti ne zalla, haka ma 251. Wanda ya zo a haɗe, hoto da murya a fayil guda, galibi lamba 18 ce, kuma ita iyakarta 360p.

Daga nan ƙorafe-ƙorafen nan biyu sun warware. Wanda ya ga 137 ya ce ai ita ce mai kyau, ya rubuta `-f 137`, hoto zalla ya nema, shi aka ba shi. Wanda kuma ya rubuta `-f best` yana zaton mafi kyawun komai zai samu, a yaren yt-dlp wannan kalma tana nufin mafi kyau daga cikin waɗanda suka zo a haɗe, don haka sau da yawa a 360p yake ƙarewa. Gyaran na farkon alamar tarawa ce kawai:

```
yt-dlp -f 137+140 "URL"
```

Da wannan yt-dlp zai sauke hoton, ya sauke sautin, sannan ya miƙa su ga wata manhaja ta haɗa. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin yt-dlp da kansa ba ya haɗa komai. Mai wannan aiki ita ce FFmpeg, manhajar da Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, kuma dole a girka ta daban. A Termux ana rubuta `pkg install ffmpeg`. A Windows ana iya ajiye `ffmpeg.exe` a jaka ɗaya da `yt-dlp.exe`, ko a nuna inda take da `--ffmpeg-location`. Kada a girka ta da `pip install ffmpeg`, wannan wani abu ne daban da suna kawai ya haɗa su. Don a tabbatar tana nan, a rubuta `ffmpeg -version`. Idan ta amsa da lambarta, to an gama.

Rashinta yana da alamomi guda biyu. Idan ka nemi a haɗa, za ka ga gargaɗi mai ɗauke da kalmomin `ffmpeg is not installed`, sannan ka tarar da fayil biyu a jakarka, ɗaya sunansa ya ƙare da `.f137.mp4`, ɗayan da `.f140.m4a`. Alama ta biyu ta fi ɓuya. Idan ba ka zaɓi komai ba, ka ba da adireshi kawai, yt-dlp zai lura babu mai haɗawa, sai ya koma ga fayil ɗin da ya zo a haɗe, ka samu ƙaramin hoto kana mamakin dalili. Wanda ya riga ya sauke fayil biyun kada ya goge su ya sake ƙona data. Ya girka FFmpeg, ya haɗa su da hannu:

```
ffmpeg -i hoto.f137.mp4 -i sauti.f140.m4a -c copy cikakke.mp4
```

Kalmomin `-c copy` suna nufin a kwashe hoton da sautin yadda suke a zuba su wuri guda, ba tare da an sake sarrafa su ba. Haka yt-dlp ma yake yi idan yana haɗawa. Saboda haka haɗin ba ya rage ingancin hoto ko kaɗan, kuma ba ya ɗaukar lokaci. Abin da yake buƙata shi ne fili: kafin a goge gutsattsarin biyu, su da sabon fayil ɗin duk suna zaune tare, don haka bidiyo mai megabayit 500 yana son fili kusan gigabayit 1 na ɗan lokaci. Wayar da memorinta ya kusa cika takan gaza daidai a wannan gaɓa, bayan an riga an kashe datar.

Saura zaɓen girma, kuma a nan nake ganin ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafi. Idan aka bar yt-dlp da zaɓinsa, mafi girman hoton da ke akwai yake ɗaukowa, ko da 4K ne. Wannan bai dace da wanda yake sayen data da awo ba. Mu ɗauki karatun awa guda, malami a zaune yana bayani, ana son a kalla a waya a kuma tura wa 'yan uwa. A jadawalin akwai wani gurbi mai suna `TBR`, wanda yake nuna kilobit nawa ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. A ce layin 720p ya nuna 1000k. Awa guda daƙiƙa 3,600 ce, a ninka da 1,000, a raba da 8 domin bit takwas ne bayit guda, an samu kimanin megabayit 450. Sautin lamba 140 yana kusan 128k, wanda ya ba da kimanin megabayit 58 a awa. Jimla ta ɗan haura 500. Hoton 1080p yana da ɗigo fiye da miliyan 2, na 720p dubu 921, na 480p kuwa kimanin dubu 410, kuma nauyin fayil yakan bi wannan sahu ko da ba daidai wa daida ba. A fuskar waya, bambancin 1080p da 720p a karatun zaune kaɗan ne ƙwarai. A ra'ayina 480p ma ta wadatar, sai dai idan akwai rubutu a allo da ake son karantawa, a nan kam 720p ta cancanci kuɗinta. Lura kuma cewa rage girman hoto ba ya taɓa murya, tunda fayil ɗinta daban ne.

Haddace lambobi ba dabara ba ce, domin ba kowane bidiyo ne yake da 137 ko 136 ba, kuma wasu shafukan lambobinsu daban suke. Idan lambar babu, saƙon da za a gani shi ne `Requested format is not available`. Ya fi a faɗa wa yt-dlp ƙa'ida, shi ya nemo abin da ya dace:

```
yt-dlp -S "res:720" "URL"
```

Ma'anarsa, a ɗauko mafi girman hoton da bai wuce 720 ba, a haɗa da sauti mafi kyau. Idan duk waɗanda ke akwai sun wuce 720, zai ɗauki mafi ƙanƙantarsu maimakon ya tsaya. Akwai wata hanya da ake yawan koyarwa, wato `-f "bv*[height<=720]+ba"`, kuma tana aiki, amma tana da tarko a bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye. Irin wannan bidiyo na 720p faɗinsa ne 720, tsayinsa 1280. Tunda ƙa'idar tsayi take aunawa, sai ta tsallake shi, ta tsallake na 480 mai tsayin 854, ta sauka kan mai faɗin 360 da tsayin 640. Shi kuwa `res` gajeren gefen yake aunawa, ko bidiyon a tsaye yake ko a kwance.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba mutane haushi: an sauke, an haɗa, yana wasa a kwamfuta, amma da aka zuba a filash aka soka a talabijin sai ya ƙi. Dalili shi ne sunan da ke ƙarshen fayil, `mp4` ko `webm` ko `mkv`, buhu ne kawai, bai faɗi irin hatsin da ke ciki ba. Abin da ke ciki shi ne kodek, wato salon da aka matse hoton da shi. YouTube yana ba da uku: H.264, wanda jadawali ke rubutawa `avc1`, da VP9, da AV1, wanda ke fitowa a matsayin `av01`. Na biyu da na uku sun fi iya matse hoto, fayil ya yi sauƙi a inganci iri ɗaya, kuma yt-dlp yakan fifita su. Sai dai tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa ba su san AV1 ba, ko kuma su kunna shi yana sarƙewa, waya tana zafi. H.264 ya fi nauyi, amma da wuya ka samu na'urar da ba ta karanta shi. Haka sauti yake: lamba 251 kodek ɗinta Opus ne, lamba 140 kuma AAC, wanda na'urori suka fi sani. Idan aka haɗa 137 da 251, yt-dlp zai zuba su a `mkv`, domin shi ne yake karɓar kusan kowane haɗi.

Mutane kan yi zaton `--merge-output-format mp4` ta magance wannan. Ita sunan fayil da tsarinsa kawai take canjawa, AV1 ɗin da ke ciki yana nan yadda yake. Akwai `--recode-video`, wadda take sake sarrafa hoton gaba ɗaya, amma tana cin lokaci da batir, tana kuma ɗan rage inganci. Mafi sauƙi shi ne a zaɓi kodek ɗin tun kafin a sauke. Ga karatunmu na awa guda da za a raba wa mutane masu wayoyi iri-iri, cikakken umarnin shi ne:

```
yt-dlp -S "res:720,vcodec:h264,acodec:aac" --merge-output-format mp4 "URL"
```

Jerin yana da muhimmanci, abin da aka fara ambata shi ake fara dubawa: girma tukuna, sannan kodek ɗin hoto, sannan na sauti. Yayin da yake aiki, a duba layin da ke cewa `Downloading 1 format(s)`, a gabansa za a ga lambobin da ya zaɓa, misali `136+140`. Idan ba su ake so ba, a dakatar da shi nan take da `Ctrl+C` kafin data ta tafi. Layin da ya fara da `[Merger]` kuma shi ne shaidar cewa an haɗa. Idan jadawalin ya fito da layuka kaɗan, manyan girma sun ɓace, yawanci manhajar ce ta tsufa, domin YouTube yana yawan sauya tsarinsa. A sabunta ta da `yt-dlp -U`, ko da `pip install -U yt-dlp` ga wanda ya girka ta ta wannan hanya, sannan a sake duba jadawalin.