Dalilin Da Kan Hana Kyamarar Tsaro Haɗuwa Da Wifi

Galibin kyamarorin tsaro na gida, musamman masu rahusa, ba su fahimtar zangon 5 GHz, sai na 2.4 GHz kaɗai; saboda haka idan wayar maigida tana kan na farkon sa'ad da manhaja ke miƙa wa kyamara sunan wifi da kalmar sirri, to kyamarar za ta yi ta neman abin da ba ta iya gani har wa'adi ya cika. Maganinsa shi ne a shiga saitin rauta, a ba kowane zango sunansa, a mayar da waya kan 2.4, kana a danne maɓallin `Reset` na kyamarar har fitilarta ta soma ƙiftawa, a sake gwadawa kusa da rautar. In ta sake ƙi, a duba tsaron wifi ɗin: WPA3 kan gagari tsofaffin kyamarori, alhali WPA2 na karɓarsu.