Gaskiya ko Ƙarya: Yadda Malami Zai Tono Kuskuren da Ɗalibi Ya Riƙe

Malamai da yawa na darasin ilimin zama ɗan ƙasa sun ɗauki tambayar gaskiya ko ƙarya a matsayin abin cike takardar jarrabawa. Sai a rubuta wa ɗalibi cewa an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ya ce gaskiya ne, a ba shi maki. Wannan jimla hadda kawai ta gwada. Jimlar da ke da amfani ita ce wadda aka ɗebo daga bakin jama'a, daga kuskuren da ake maimaitawa a majalisar bakin titi da teburin mai shayi har ya zama kamar doka.

A ɗauki misali daga gida. Babura da Kazaure maƙwabtan juna ne, kuma sanata ɗaya ke wakiltarsu a mazaɓar Jigawa ta Arewa maso Yamma. Saboda haka yaro zai iya zaton komai nasu ɗaya ne. Sai malami ya rubuta: "Ɗan Majalisar Wakilai ɗaya ne ke wakiltar Kazaure da Babura." Amsa ita ce ƙarya. Kazaure tana mazaɓa ɗaya da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, Babura kuwa da Garki aka haɗa ta. Ɗalibin da ya faɗi a nan ya nuna wa malaminsa cewa bai bambance mazaɓar sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai ba, kuma nan ne darasin gobe zai fara.

Rubuta irin wannan jimla sai da gyara. Mutane da dama sun yarda cewa duk wanda ya fi ƙuri'a a zaɓen gwamna ya ci ke nan. Sashe na 179 na Tsarin Mulkin 1999 ya ƙara sharaɗi: dole ɗan takara ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga cikin kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiha. Jigawa tana da 27, don haka sai ya cika sharaɗin a 18.

Idan malami ya rubuta "Duk wanda ya fi ƙuri'a shi ne gwamna a koyaushe", ya tona wa kansa asiri, domin ɗalibi mai wayo ya san jimlar da ke ɗauke da "duk" da "koyaushe" galibi ƙarya ce. Zai ci makin ba tare da ya san sharaɗin ba. Gara a kawo masa lamari tsayayye: "Ɗan takarar gwamnan Jigawa ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a ƙananan hukumomi 15 kacal. Za a bayyana shi a matsayin wanda ya ci zaɓe." Yanzu babu mafita sai lissafi: 15 ba ta kai 18 ba, don haka ƙarya ne, sai an je zagaye na biyu.

Wani tarkon shi ne cusa magana biyu a jimla ɗaya. "INEC ce ke gudanar da zaɓen gwamna da na kansila" rabinta gaskiya ne, rabinta ƙarya, tunda zaɓen ƙananan hukumomi aikin hukumar zaɓe ta jiha ne. Wanda ya faɗi, ba za a san wane rabin ya kayar da shi ba. A raba ta biyu. Haka nan a sa jimlolin gaskiya waɗanda kunne ke ƙi, kamar cewa masu zaɓe suna iya yi wa ɗan majalisarsu kiranye kafin wa'adinsa ya cika, abin da sashe na 69 ya tanada. In ba haka ba, yara za su gane cewa duk jimlar da ta yi kama da zancen gari ƙarya ce.

Bayan jarrabawa, a ƙirga amsoshin kowace jimla daban. A aji mai ɗalibai 40, idan 20 suka ce gaskiya, 20 suka ce ƙarya, mai yiwuwa canke ake yi, domin mai canke yana dacewa sau ɗaya cikin biyu. Idan kuwa 32 suka taru a kan amsar kuskure, an kama fahimtar da ta yi saiwa. Amma in har haziƙan aji ne suka fi faɗuwa, a fara tuhumar jimlar, wataƙila tana da harshen damo.

Maganin canke shi ne a bar layi ɗaya a ƙarƙashin kowace jimla, a ce duk wanda ya zaɓi ƙarya ya rubuta daidai ɗin. Ɗalibar Gwiwa da ta rubuta "sai ya cika sharaɗin a ƙananan hukumomi 18" ta cancanci cikakken maki. Wadda ta rubuta "ƙarya" ta bar layin fayau, malami ya sake zama da ita kafin a wuce zuwa babi na gaba.